Kafin a Raba Karta: Cike Gurbin Wadda ta Ɓace da Gano Mai Tabo

Yawancin rigimar da ke tashi a wajen wasan karta tun kafin a raba ganye take farawa. Ana zazzage kwali a kan tabarma, a yi wa kartar garwaya biyu ko uku, a hau rabo, ba wanda ya ƙirga, ba wanda ya dubi bayanta. Sai wasa ya yi nisa wani ya ce tun ɗazu bai ga 2 ɗin kuros ba, ko kuma a lura cewa mutum ɗaya kullum ya san abin da ke hannun maƙwabcinsa. Daga nan sai zargi, sai ɓacin rai tsakanin mutanen da suka zauna don nishaɗi. Magana nake a kan wasan hira na gida da majalisa, wanda ba a sa kuɗi. Caca haramun ce, kuma ba ita ce ta kawo mu ba. Amma ko wasan da ba ko kwabo a cikinsa yana buƙatar adalci, domin ba mai son a mai da shi wawa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, karta da ba ta cika ba ƙaramar matsala ce idan kowa ya san abin da ya ɓace, domin rashin ya shafi kowa daidai. Babbar matsala ita ce ganye ɗaya da ake iya ganewa ta baya. Sau da yawa kuma garin gyara ƙaramar ake haifar da babbar.

Zan yi bayanin a kan Wot, domin ita ce kartar da aka fi bugawa a Nijeriya. Wani Bature mai suna William Storey ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1935, kamfanin Waddingtons ya yaɗa ta daga baya, ta zo nan ta sami gida fiye da inda aka haife ta.

Ƙirga ba ta isa ba, sai an jera

Cikakkiyar Wot ganye 54 ce, amma zanenta biyar ba su zo daidai da juna ba, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Ƙwallo yana da ganye 12, haka ma mai kusurwa uku, wanda zan riƙa kira dala. Lambobinsu su ne 1, 2, 3, 4, 5, 7, 8, 10, 11, 12, 13, 14. Kuros da akwati, wato mai kusurwa huɗu, kowanne 9 gare shi, domin ba su da 4 da 8 da 12. Tauraro 7 ne kacal: 1, 2, 3, 4, 5, 7, 8. Sai Wot ɗin kanta mai lamba 20, guda 5. Babu 6 babu 9 a ko'ina cikin kwalin. Don haka wanda ya ɗaga tabarma yana neman 4 ɗin kuros ko 10 ɗin tauraro yana neman abin da ba a taɓa bugawa ba.

Ƙirga ganye ɗaya bayan ɗaya har a kai 54 ba ya tabbatar da komai a gidan da aka taɓa sayen kwali biyu. Yara kan haɗa su, sai ka tarar adadi ya cika alhali 7 ɗin dala biyu ne, 14 ɗin akwati kuwa babu. Hanyar da ba ta kuskure ita ce a ware kowane zane gefe guda, fuska a sama, a jera shi daga ƙarami zuwa babba. Ka sa ƙwallo da dala layi biyu kusa da juna, tunda lambobinsu ɗaya ne, gurbin da ya ɓace zai fito da kansa. Ka yi wa kuros da akwati haka. Tauraro kuwa ka gwada shi da farkon layin ƙwallo, daga 1 zuwa 8. Minti biyu ya ishi wanda ya saba.

Ba kowane ganye ne rashinsa ke da nauyi ɗaya ba

A ce an jera an sami 51. Babu 12 ɗin ƙwallo, babu 8 ɗin tauraro, babu 2 ɗin kuros. Kafin a yi tunanin cike gurbi, sai a tambayi me kowanne yake yi a wasa.

12 ɗin ƙwallo ba shi da wani aiki na musamman. 12 biyu ne a kwali duka, don haka illar rashinsa ɗaya ce: 12 ɗin dala ya rasa ɗan'uwansa, ba zai sauka ba sai a kan dala, ko idan an kira dala da Wot. Wannan ba abin tsai da wasa ba ne. A faɗa wa kowa, a ci gaba.

8 ɗin tauraro ya fi shi nauyi kaɗan. A yawancin wurare 8 ne ke tsallake na gaba, kuma guda uku ne kawai, yanzu sun koma biyu. A inda ake ƙirga maki bayan an tashi, tauraro ninki biyu ake lissafa shi, wato wannan ganyen 16 ne a hannun wanda ya makale da shi. Rashinsa ya sauke wa kowa wannan kayan, ba mutum ɗaya ba. Shi ma ana iya haƙura da shi.

2 ɗin kuros ne ke da magana. Shi ne fiktu, mai tura na gaba kasuwa ya ɗebo biyu, kuma inda aka yarda a kare fiktu da wani fiktu, shi ne makami shi ne garkuwa. Daga biyar ya koma huɗu, kuma zanen kuros ya zama ba shi da shi sam. Duk wanda ya san haka zai riƙa juya wasa zuwa kuros idan yana tsoron a ɗora masa ɗiba. Idan kowa ya sani, dabara ce ta halal. Idan mai kartar kaɗai ya sani ya yi shiru, ya ci amanar zama. Haka abin yake ga 14, janar maket, da 5 a wurin da ake fiktiri, da 1 mai holdon. Irin waɗannan ne suka cancanci a cike gurbinsu.

Daga ina za a samo madadi

Abin da ya fi saurin zuwa wa mutane shi ne a yanko kwalin sabulu ko na ashana, a rubuta lamba a kai. Kada a yi. Ganyen da aka yanko daga kwali kowa na ganinsa daga nesa, kuma ga yadda hakan ke kashe wasa. Abokinka ya ce las kad, ganye ɗaya ya rage masa, kuma kowa na ganin na kwalin sabulu ne, wato 2 ɗin kuros. A ƙasa akwai 7 ɗin kuros, kai kuma kana riƙe da 3 ɗin kuros da 7 ɗin dala. Da ba ka san abin da ke hannunsa ba, kana iya sakin kowanne. Yanzu kuwa 7 ɗin dala za ka saki, ya tafi kasuwa dole. Wanda ke da Wot ma zai kira kowane zane ban da kuros. An rufe wa mutum ƙofa ba don an fi shi iyawa ba. Kuma ka lura, ko da ganyen 13 ne ko 10, abin da zai faru ke nan, domin a las kad kowane ganye da aka gane ya zama tarko ga mai shi.

Madadi mafi kyau yana cikin kwalin kansa. Wot mai 20 guda biyar ce, kuma wasa yana tafiya lafiya da huɗu. Akwai ma wuraren da ke cire su gaba ɗaya kafin a fara, su kam suna da ganye biyar a ajiye. Ka ɗauki ɗaya ka mai da ita 2 ɗin kuros. Bayanta ɗaya ne da na sauran, tsufanta ɗaya, girmanta ɗaya, ba mai gane ta sai ta faɗi ƙasa.

Rubutun yana son kula. Biro yana nutsa cikin takarda idan an danna, sai shatinsa ya fito ta baya, yatsa ya ji shi. Ka shimfiɗa ganyen a kan abu mai tauri kamar gilashi ko faranti, ka yi amfani da maka mai siririn baki, ba tare da dannawa ba. Ka shafe 20 ɗin da ke kusurwoyi, ka rubuta 2 da alamar kuros a kusurwar sama da ta ƙasa, domin kusurwa ce ake gani idan an baje ganye a hannu. Sannan ka sake yin alamar babba a tsakiya. Ka bar tawada ta bushe sosai kada ta shafi bayan wani ganye, ka ɗaga shi ga haske ka tabbatar ba ta huda ta baya ba. Kada a manna takarda ko salatif a fuskar, domin yana ƙara kauri, kuma ganye mai kauri hannu yana tsayawa a kansa wajen yanka. Idan an gama, a nuna wa kowa kafin rabo, har wanda ya zo daga baya: "Alhaji, ga 2 ɗin kuros ɗinmu, Wot huɗu ce yau, kuma babu 12 ɗin ƙwallo da 8 ɗin tauraro."

Masu kartar Turawa mai ganye 52 haka suke yi da joka biyu da ke zuwa a cikin kwali, tunda wasanni da yawa ba sa amfani da su.

Hanya ta biyu ita ce aro daga wani kwali. Tana aiki ne kawai idan abu uku sun dace: zanen baya da launinsa, girma, da tsufa. Na farko ido ke gani. Na biyu sai an gwada: ka sa baƙon ganyen a tsakiyar sauran, ka daidaita gefuna a kan tebur, ka bi gefen da babban yatsa. Ko rabin milimita ya fi su ko ya gaza, za ka ji. Kamfanoni daban-daban ke buga Wot, kuma ko bugun kamfani ɗaya yakan bambanta a yanka da kaurin launi. Na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Sabon ganye a cikin tsohuwar karta yana fitowa kamar farar tunkiya a garken awaki: gefensa fari ƙal, yana santsi, yana tsaye ƙyam alhali sauran sun yi laushi. Tsohon kwali daga tsohon kwali ake yi wa aro.

Idan dole ta sa sai an yi aro daga kwalin da bai dace sosai ba, akwai dabarar rage ɓarna. Kada a kawo ganye ɗaya tilo. A kawo kamar 20 masu lambobi da zane iri-iri, manya da ƙanana, a cire takwarorinsu daga tsohon kwalin. Yanzu wanda ya ga baƙon baya a hannunka ya san ɗaya ne cikin 20, wanda kusan bai san komai ba ke nan. Ba gyara ne cikakke ba, amma yana fid da daren.

A ganina ganye uku ne iyaka. Idan abin da ya ɓace ya wuce haka, ko ya zama fiktu biyu ne suka tafi, wasan ya riga ya sauya kama, gara a haɗa kuɗi a sayi sabuwa. Tsohuwar kuma kada a zubar, ita ce za ta ba da aro nan gaba idan sabuwar ta tsufa.

Duba baya

Bayan an san abin da ke cikin kwali, sai a kife shi. Wannan sashen ya fi na farko muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa.

Fara da lanƙwasa. Ka tara ganyen duka, ka daidaita su, ka ajiye a tebur ba tare da ka danna ba, ka sunkuya ka dubi gefen daidai da idonka. Karta lafiyayya a haɗe take ba tsaga. Inda ka ga ɗan rata, akwai ganyen da ya lanƙwashe a wurin, ko kusurwarsa ta ɗaga. Ka ciro shi ka gani. Gwaji na biyu shi ne yanka. Ka yanka kartar a hankali da sakakken hannu, ka dubi ganyen da ta rabu a kansa, ka garwaya, ka sake, kamar sau shida. A cikin ganye 54, ba abin mamaki ba ne ganye ɗaya ya fito sau biyu bisa tsautsayi. Idan ya fito sau uku ko huɗu, wannan ganyen yana da wani abu: ko ya lanƙwashe, ko ya fi sauran kauri, ko an rage masa gefe. Masu maguɗi da masu wasan dabo sun daɗe da sanin wannan, da shi suke sa a yanka musu a inda suke so.

A bambance wannan da lanƙwasar kwali gaba ɗaya. Lokacin hunturu iska na busar da takarda, kartar duka ta yi ɗan doro. Da damina kuma ta sha danshi ta kumbura. Tunda duk ganyen abu ɗaya suka yi, ba wanda ya fita daban, ba komai.

Sai alamar da ke jikin zanen baya. Ka riƙe kartar a kife da hannu ɗaya, ka sa babban yatsa a kusurwa ka saki ganyen da sauri suna wucewa, idonka a kan wuri ɗaya na zanen. Idan bayansu ɗaya ne, zanen zai tsaya cak. Idan an ɗiga wa wasu tawada, ko an kankare wani ɗan layi, za ka ga abu yana tsalle yana ɓacewa. Ka yi haka a kusurwoyi huɗu, sannan a tsakiya, domin ido ba ya iya kallon ko'ina a lokaci ɗaya. Mai sa alama kusa da kusurwa ya fi sawa, tunda nan ne ke leƙowa idan ganye na hannun mutum.

Akwai alamar da ba ta da launi, sai haske ke tona ta. Ka karkata ganyen ga fitila ko tocilan waya ta yadda hasken zai kwanta a kansa daga gefe. Shatin farce, ƙarcen allura, wurin da aka goge ƙyallinsa ya dushe, da tabon maiƙo duk za su fito. Daga nan ka rufe ido ka shafa fuska da baya da yatsa. Tsinin allura idan an soka shi kaɗan yakan bar ɗan ƙurji wanda ido ba ya gani, amma mai rabo yana jin sa a yatsa lokacin da ganyen ke fita daga hannunsa. A ƙarshe ka dubi gefuna huɗu na tarin: tsagar farce tana fitowa a matsayin ɗan ɗigo fari, tabon manja ko goro ko shayi kuma a matsayin layi mai duhu. Ba lallai a bi duk 54 da wannan tsanani ba. A ware 1 da 2 da 5 da 8 da 14 da 20, su 27 ne, rabin kwalin cif, a fi tsananta musu.

Idan ana shakkar ko wani tabo ya kai a damu da shi, gwajin mai sauƙi ne. A haɗa ganyen da wasu tara, a garwaya, a baje su a kife, mutum ya zauna a nisan da ake zama wajen wasa ya nuna shi. A maimaita sau uku. In ya nuna daidai kowane karo, ganyen ya tashi daga aiki.

Tabo ba shaidar maguɗi ba ne

Nan nake roƙon a yi hattara da harshe. Mafi yawan tabon da ke jikin karta ba wanda ya yi shi da gangan. Har ma akwai dalilin da ke sa manyan ganye su fi lalacewa: fiktu da janar maket da Wot su ne ake maka wa ƙasa da ƙarfi cikin murna, su ne ake daɗe ana riƙewa a hannu mai gumi ana jiran lokacinsu. Don haka ganin Wot uku sun lanƙwashe bai isa a ce an yi maguɗi ba. Abin da ke nuna hannun mutum shi ne tsari: alama iri ɗaya, a wuri ɗaya, a kan lamba ɗaya. Misali duk 2 ɗin biyar suna da tsagar farce a gefen sama, duk 14 ɗin huɗu kuma a tsakiya. Tsautsayi ba ya jera abu haka.

Ko an ga hakan, ba a san wanda ya yi ba, tunda karta na yawo hannu da hannu. Kuma hukuncin ɗaya ne ko da gangan ne ko ba da gangan ba, wato a canza ta. Wanda ya daɗe yana wasa da kwali ɗaya yakan haddace tabonsa ba tare da ya yi niyya ba, baƙo kuwa bai san komai ba. Cewa "Malam, kartar nan ta gaji, mu kawo wata" ya wadatar, ba sai an kira sunan kowa ba. Manyan gidajen karta na ƙasashen waje ma ba sa jiran su kama wani: suna sauya kwali a kai a kai, su huda tsohon ko su yanke masa kusurwa don kada ya dawo tebur.

Abin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa

Lanƙwasa mai laushi, wadda ba ta karya takarda ba, tana miƙewa. A mai da ganyen tsakiyar tarin, a daidaita, a ɗora littattafai masu nauyi a kai ya kwana, da safe a sake gwajin yanka. Amma idan ninkin ya bar farin layi, takardar ta karye, kuma ko an danne ta layin yana nan. Wannan ganyen a ɗauke shi tamkar ya ɓace, a bi da shi ta hanyar da aka bi da 2 ɗin kuros. Haka kusurwar da ta yage. Wasu kan ce a yage wa sauran ma don su yi daidai, amma hannu ba ya yaga 54 iri ɗaya, sai dai a ƙare da alama 54 daban-daban.

Kartar roba ana goge ta da tsumma mai ɗan danshi, a shanya ganyen ɗaya-ɗaya a inuwa. Ta takarda ba ta son ruwa ko kaɗan, busasshen ƙyalle kawai. Kada a ɗaure karta da robar ɗaure kuɗi, domin tana cin gefen ganyen sama da na ƙasa, kuma ita ce ke haifar da yawancin tsagar da ake zargin mutane a kanta. A mai da ita kwalinta, ko a sami ƙaramin gwangwani mai murfi, a nisanta ta da aljihun baya da hannun yara.

Masu karta, ku riƙa jerawa da ƙirgawa a lokacin tashi, ba sai lokacin zama kaɗai ba, domin ganyen da ya ɓace yau yana ƙarƙashin tabarma ko cikin naɗin rigar wani, gobe kuwa an share shi da shara. Ranar da za ku sayi sabuwa kuma, ku sayi kwali biyu iri ɗaya a shago ɗaya, ku riƙa wasa da su bi da bi don su tsufa tare.